Ƙwayar Barcin Maigidana Ta Daina Aiki Tun Da Ya Fara Maganin Tarin Fuka

Assalamu alaikum Malam. Maigidana tela ne, shekarunsa 52. Bara shagonsa ya ƙone, barci ya ƙaurace masa, likita ya rubuta masa dayazefam mai miligiram 5, ƙwaya ɗaya da dare, kuma tana yi masa aiki. Wata biyar da suka wuce aka gano yana da tarin fuka, aka ɗora shi kan magani. Bai fi kwana goma da farawa ba ƙwayar barcin ta zama kamar alewa. Ƙarfe biyun dare zai farka, hannu na rawa, zuciya na bugawa. Ya ce jabu ce, mun canza kemis har uku, duk ɗaya. Yanzu huɗu yake sha kowane dare, kuma a asibiti ba su sani ba. Saura mako huɗu ya gama maganin tarin, amma yana cewa shi ne ya hana shi barci, zai ajiye shi. Jabu ake sayar mana, ko ya zama ɗan ƙwaya ne ban sani ba? Ka ba ni shawara don Allah.

Matar tela, daga Zariya

Wa'alaikumus salam Malama. Allah ya ba maigida lafiya, ya mayar masa da alherin abin da wuta ta ci.

Ki daina zagayen kemis. Jabun magani yana nan a kasuwa, ba zan musa ba, amma ba ya zaɓar mako na biyu na maganin tarin fuka kafin ya bayyana, kuma da wuya ya bi mutum shago uku. Wannan kwana goman da kika ambata shi ya ba ni amsar tun kafin in kai ƙarshen wasiƙarki. Ƙwayar tana nan yadda take. Hantar maigida ce ta canza sauri.

A cikin ƙwayoyin da yake sha da safe akwai wani magani mai suna rifamfisin. Shi ne mai mayar da fitsari ja-ja kamar ruwan lemo, wani lokaci har gumi da hawaye. A wata biyun farko yana haɗe da wasu magunguna uku a ƙwaya ɗaya, a wata huɗun da suka biyo baya yana haɗe da ɗaya kawai, wato aisoniyazid. Idan kika duba kwalin da ke hannunsa yanzu za ki ga haruffan RH, ko sunayen biyun a rubuce. Rifamfisin shi ne ƙashin bayan maganin gaba ɗaya, kuma shi ya sa ake iya gama tarin fuka a wata shida. Sai dai yana da wani hali da ba ya ɓoyewa: yana sa hanta ta ƙara ma'aikata.

Duk maganin da mutum ya haɗiye, jiki ba ya barinsa ya zauna har abada. A cikin hanta, da kuma bangon hanji, akwai wasu sinadarai da ake kira enzayim, aikinsu su farfasa magani har ya zama abin da ƙoda za ta iya fitarwa. Ki ɗauke su kamar injinan niƙa a unguwa. Wanda ya fi kowanne yawan aiki ana kiransa CYP3A4, akwai kuma ɗan'uwansa CYP2C19, su biyun ne ke niƙa dayazefam. To, rifamfisin idan ya shiga ƙwayoyin halittar hanta, sai ya taɓa wani makunni da ke ba da umarnin a ƙera ƙarin waɗannan injinan. Unguwar da ke da inji ɗaya sai ta wayi gari da huɗu. Hatsin da a da yake kwana biyu a layi, yanzu kafin la'asar ya zama gari.

Kafa inji yana cin lokaci, shi ya sa daren farko da na biyu ba ku ga komai ba. Abin yana somawa cikin kwanaki kaɗan, yana kai ƙarshen ƙarfinsa wajen mako ɗaya zuwa biyu. Daidai lokacin da hannun maigida ya fara rawa kenan.

Wannan rawar hannun da bugun zuciyar ma suna da suna. Mutumin da ya yi watanni yana shan dayazefam kullum, ƙwaƙwalwarsa ta saba da wani adadi a jini dare da rana. Da adadin ya faɗi ƙasa cikin 'yan kwanaki, jiki ya ɗauka an janye masa maganin ne, ko da yake bakin bai fasa haɗiya ba ko dare ɗaya. Alamun janyewa ne ya ji: farkawa tsakar dare, fargaba, makyarkyata, gumi. Da a ranar da aka ba shi maganin tarin an san yana kan ƙwayar barci, da an gargaɗe shi. Ba a tambaya ba, ko an tambaya bai ɗauki ƙwayar dare a matsayin abin faɗa ba. Wannan na faruwa kullum, ni kaina na sha mantawa da tambayar a ranar da layi ya yi tsawo a tagar bayar da magani.

Bari in ba ki lissafi, don maganar ba ta zato ba ce. A 1981 an wallafa wani bincike da aka auna tsawon lokacin da jiki ke ɗauka kafin ya rage dayazefam zuwa rabi. A masu tarin fuka da ke shan rifamfisin tare da sauran magungunan, awa 14 ne. A mutanen da aka kwatanta su da su, waɗanda ba sa shan komai, awa 58. Kusan ninki huɗu a sauri. Mutanen da aka gwada ba su da yawa, kuma hantar kowa da irin tafiyarta, don haka kada ki ɗauki lambobin a matsayin awon jinin maigida. Amma sun isa su nuna miki siffar abin.

Ki ɗauki randa mai ɗan huda a gindi, kowane dare ana zuba mata kwano ɗaya na ruwa. Lokacin da hudar take ƙarama, wato awa 58, kafin dare na gaba kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai ya tsiyaye, uku suna nan. Gobe a ƙara kwano a kan ragowar, jibi haka, har ruwan ya tsaya a wani matsayi. Da ƙwaya ɗaya mai miligiram 5, abin da ke kwance a jikinsa kafin ya sha ta gaba ya kai wajen miligiram 15. Wannan ragowar ce take riƙe shi har asuba, ita ce kuma take kwantar masa da hankali da rana ba tare da ya sani ba. Da rifamfisin ya faɗaɗa hudar zuwa awa 14, kafin dare na gaba kashi bakwai cikin goma sun zube. Ragowar ƙwaya ɗayar nan ta sauko daga 15 zuwa wajen 2. Ko da huɗun da yake sha yanzu, miligiram 20, abin da ke saura kafin dare na gaba bai fi 9 ba. Kin ga dalilin da ya sa ya ninka har sau huɗu amma yana ganin bai koma yadda yake a da ba.

Yanzu ga abin da ya sa na ajiye sauran wasiƙu na fara da taki. Ranar da ya sha ƙwayar tarin ta ƙarshe, kowa a gidan zai yi hamdala, kuma ya kamata. Amma daga ranar hanta za ta fara kwance injinan da ta ƙara, a hankali, cikin wajen mako biyu, wani ya ɗan fi haka. Hudar randa za ta koma ƙarama. Idan har lokacin kwano huɗu ake zubawa kowane dare, ragowar da take 9 za ta yi ta hawa har wajen 60, kuma da ya haɗiye na daren ta kai 80. Ninki huɗu kenan na abin da jikinsa ya taɓa ɗauka lokacin da likita ya rubuta masa. Ban ma lissafa wani abu ba: dayazefam idan an farfasa shi yana zama wani sinadarin da shi ma yana sa barci, kuma ya fi uwar tasa daɗewa a jiki.

Abin da ke yaudarar mutane shi ne ba ya zuwa dare ɗaya. Makon farko za ki ji daɗi, ki ce ai ga shi barci ya dawo, ashe gaskiyarsa ce maganin tarin ne ya hana shi. Mako na biyu zai makara sallar asuba. Daga nan har mako na huɗu sai ki ga yana gyangyaɗi a kan keken ɗinki, magana na jan harshe, tafiya na tangaɗi, yana manta wa ya kawo wane yadi. Mutum mai hawa babur a wannan hali, kin san sauran.

Na taɓa ganin haka da idona. Wata baiwar Allah ta shigo da mahaifinta, dattijo, ita da ƙaninta suna riƙe da shi kafaɗa da kafaɗa. Kwana goma sha biyu da gama maganin tarin fuka. A gida an riga an raba gardama biyu, wasu sun ce shanyewar ɓarin jiki ce ke tafe, wasu sun ce sammu ne don ya warke an ji haushi. Yana zaune a benci kansa na faɗuwa gaba, a kira sunansa ya buɗe ido ya yi murmushi ya koma. Na ce a juye mini ledar magungunansa a kan tebur. Cikin katin asibiti da ragowar maganin ƙarin jini sai ga sacet ɗin ƙwayar barci guda uku, biyu babu komai a ciki. 'Yar ta ce, «Ai wannan ba ta yi masa komai, wata huɗu yana shan uku-uku ko gezau.» Gaskiya ta faɗa, a wata huɗun nan ba ta yi masa komai ba. An kwantar da shi, an duba ba shanyewa ba ce, aka rage ƙwayar a tsare, cikin kwanaki ya dawo hayyacinsa. Da da kodin a ledar nan, ban san yadda labarin zai ƙare ba.

Na ambaci kodin da gangan, domin mai tari da rashin barci shi ne mutumin da abokai suka fi kawo wa kwalba. Gwamnatin Najeriya ta hana maganin tari mai kodin tun 2018, amma kin sani na sani bai ɓace ba. Dayazefam shi kaɗai, ko ya yi yawa, galibi barci mai nauyi yake sawa. Idan ya haɗu da kodin, ko taramol, ko giya, ko wata ƙwayar barcin daban, numfashi ne yake raguwa, kuma huhun da tarin fuka ya taɓa ba shi da rarar da zai yi asara. Ki duba ɗakin da kyau, ki duba aljihun babbar riga da akwatin keken ɗinki. Ba don zargi ba.

To me za a yi? Abu biyu maigida zai so ya yi da kansa, kuma duka biyun kada ya yi.

Kada ya ajiye maganin tarin. Ko don barcin ma ba zai ci riba ba, domin injinan da hanta ta kafa ba sa tashi don an tsallake kwana ɗaya ko biyu. Haka nan raba lokaci, a sha wannan da asuba wancan da tsakar dare, ba ya gyara komai. Magungunan ba karo suke yi a ciki ba, hantar ce ta riga ta canza, kuma a canjenta take awa ashirin da huɗu. Abin da zai samu idan ya yanke a wata na biyar shi ne haɗarin tarin ya dawo, wataƙila irin wanda ba ya jin magani, ga ku da yara a gida ɗaya kuna shaƙar iska ɗaya. Kuma ki lura: idan ya ajiye a ɓoye yana ci gaba da ƙwaya huɗu, lissafin randar nan zai fara tun daga ranar, ba wanda ya sani.

Kada kuma ki kwashe ƙwayar barcin ki jefa a masai don tsoron abin da na faɗa. Mutumin da ya yi kusan shekara yana sha, a yanke masa dare ɗaya, yana iya faɗuwa da jijjiga irin ta farfaɗiya, ko ya rikice. Shi ma aisoniyazid ɗin da yake sha yana ɗan sauƙaƙa wa jijjiga hanya. Ana sauka ne mataki-mataki. A ƙa'ida ana rage wajen kashi ɗaya cikin goma duk mako ɗaya ko biyu, ana duba yadda mutum yake ɗauka. Amma lamarin maigida ba na ƙa'ida ba ne, shi ya sa ba zan rubuta miki jadawali a nan ba. Shi a makonni biyun bayan gama maganin tari, adadin da ke jininsa zai riƙa hawa da kansa ko da ƙwayoyin suna raguwa. Wannan dama ce idan likita ya san da ita: zai iya rage yawan ƙwayoyin da ɗan sauri a daidai wannan taga, jiki bai ji an rage masa sosai ba, daga baya a koma tafiyar hawainiya har a kai ƙasa. Sai wanda ya san ranar ƙarshe ta rifamfisin, ya san ainihin adadin da ake sha, ya ga mutumin ido da ido, zai iya daidaita wannan.

Don haka cikin makon nan, ba sai ranar karɓar magani ta zagayo ba, ku je inda yake karɓar maganin tarin, ku nemi ganin likita. Ku tafi da ledar gaba ɗaya, har da na gargajiya idan akwai. Ki rubuta abu uku a takarda kafin ku fita: ranar da ya fara ƙwayar barci, ranar da ya fara maganin tari da ranar da zai gama, da yawan ƙwayar da yake sha kowane dare a yanzu. Na ukun nan ne ake ƙarya a kansa. Namiji zai zauna gaban likita ya ce «ɗaya, wani lokaci biyu», likita ya tsara komai a kan biyu, a koma gida a ci gaba da huɗu. Ki ƙirga sacet ɗin da babu komai idan kina shakka.

Na san ba abu ne mai sauƙi mace ta gyara wa mijinta magana a gaban baƙo ba, kuma ban ce ki yi ba. Ki gama da shi tun a gida, bayan ya ci abinci, ba a gaban yara ba. Kada kalmar ɗan ƙwaya ta fito daga bakinki. Ki ce masa kin tambaya an ce miki gaskiyarsa ce, ƙwayar ta daina aiki, kuma maganin tarin ne sanadi, sai dai ba ta hanyar da ya zata ba. Mutum idan aka fara ba shi gaskiyarsa yakan saurari sauran. Idan akwai wani yayansa ko amininsa da yake jin maganarsa, ya raka ku.

Game da tambayarki ta ƙarshe, ba zan yi miki daɗin baki ba. Jikinsa ya dogara da maganin, wannan tabbas ne, kuma hakan na faruwa ga kusan duk wanda ya sha shi kullum na watanni, malami ne ko jahili. Dayazefam magani ne na mako biyu zuwa huɗu, ba na shekara ba, kuma tun kafin tarin fuka ya shigo ya kamata a ce an fara sauke shi. Wani ɓangare na raunin ƙwayar ma sabo ne na ƙwaƙwalwa, ba aikin hanta kaɗai ba. Ana bambanta su da lokaci: sabo yana zuwa a hankali cikin watanni, na hanta yana faɗowa cikin mako ɗaya ko biyu bayan sabon magani. Na maigida ya faɗo ne. Mutumin da ya ƙara ƙwaya don hannunsa ya daina rawa ya samu ya runtsa daban yake da mai neman maye. Abin da zai sa in damu shi ne idan yana sha da rana, ko yana ɓoye miki, ko yana haɗawa da wani abu.

Wataƙila ki ce, to a canza masa wata ƙwayar barcin mana. Yawancinsu ta inji ɗaya suke bi, wasu ma abin ya fi muni. A 1996 masu bincike a Helsinki ta ƙasar Finlan sun ba mutane masu lafiya rifamfisin na kwana biyar kacal, sannan suka ba su ƙwayar barci mai suna midazolam. Adadin da ya kai jini ya ragu da kashi 96 cikin ɗari, kusan kamar ba su sha ba. Zolfidem, wanda ake rubutawa don barci, ya ragu da wajen kashi 70 a irin wannan gwajin. Akwai 'yan kaɗan, irin su lorazefam, da hanta ke sarrafawa ta wata hanya daban, abin bai kai na waɗancan tsanani ba, ko da yake su ma rifamfisin yana gaggauta fitarsu. Likita na iya duba wannan. Ni dai a ganina, saura mako huɗu, kawo sabuwar ƙwaya cikin lissafin ƙara ruɗani ne. Kuma kada mai kemis ya yi muku wannan canjin a kan kanta.

Ki kuma sa a binciki abin da ke tashinsa da dare, don ba komai ne ƙwaya ba. Aisoniyazid yana sa wasu zafi ko tsitstsira a tafin ƙafa, abin ya fi tsananta da dare, kuma maganinsa bitamin B6 ne, mai araha. Shi kansa yana hana wasu barci. Tela kuma na san halinsu: goro a kumatu tun la'asar, shayi mai kauri wajen mai shayi bayan isha'i, ga kofi idan aiki ya taru. Sannan akwai gobarar. Mutumin da ya tsaya yana kallon jarinsa da kayan mutane suna ci da wuta, idan har yanzu da ya rufe ido ita yake gani, ƙwaya rufe abin kawai take yi. A faɗa wa likita wannan ma, akwai masu duba irin wannan damuwar kuma ana samun sauƙi.

Tunda masu karatu da yawa suna da mai farfaɗiya a gida, bari in ɗan ratse. Ba rifamfisin kaɗai ke da wannan hali ba. Tsofaffin magungunan farfaɗiya guda uku da aka fi samu a asibitocinmu, kabamazefin da fenitoyin da fenobabiton, duk suna ƙara wa hanta injina. Waɗancan masu binciken na Helsinki sun gwada midazolam a kan masu farfaɗiya da ke shan kabamazefin ko fenitoyin, suka ga abin da ya kai jini bai fi kashi 6 cikin ɗari na wanda ba ya shan su ba. Kabamazefin har kansa yake niƙawa da sauri bayan 'yan makonni, shi ya sa ake fara shi da kaɗan ana ƙarawa. Fenobabiton kuwa mai fuska biyu ne: a hanta yana rage ƙarfin ƙwayar barci, a ƙwaƙwalwa shi kansa mai sa barci ne, don haka haɗa su ba a san inda zai faɗa ba. Balfurowet da lebetirasitam, su ma magungunan farfaɗiya ne, ba sa ƙara injina. Bambancin mai farfaɗiya da maigidanki shi ne shi shekaru yake yi a kan maganin, hantarsa kullum a guje take, haɗarinsa yana zuwa ne ranar da aka canza masa magani ko ya yanke.

Inda wannan ya fi fitowa fili shi ne ranar tiyata, ko cire haƙori, ko hoton da ake so yaro ya kwanta shiru. A ba shi maganin kwantarwa ta baki, a jira, yaro na nan garau yana wasa da labule. Ta baki abin ya fi lalacewa, domin magani sai ya ratsa bangon hanji ya ratsa hanta kafin ya isa jini, injina na jiransa a duka tashoshin biyu. Ta jijiya yana kamawa, sai dai yana saurin sakin mutum. Don haka duk wanda za a yi wa aiki, ya faɗa wa mai ba da maganin barci cewa yana shan ɗaya daga cikin waɗannan, ko ya gama shan rifamfisin cikin wata ɗaya da ya wuce. Ke ma da ke jinyar mai tari, idan wata rana aka ɗora ki kan magani mai rifamfisin, ki sani yana raunana ƙwayar tazarar haihuwa da ashanar fata ta wannan hanyar dai, ki faɗa musu tun kafin ki karɓa.

Saura alamun da ba a jira gari ya waye a kansu. Idan kika tashe shi da ƙarfi bai farka sosai ba, ko numfashinsa ya yi jinkiri har kika ƙirga ƙasa da goma a minti ɗaya, ko yana wani irin minshari mai kama da shaƙewa, ko leɓɓansa sun canza launi sun yi duhu, ki juya shi ya kwanta a gefensa, a nemi mota. Kada a ɗura masa madara ko manja ko ruwan rubutu yana cikin wannan hali, huhu za su tafi. A asibiti ki faɗi sunan ƙwayar, da adadin, da cewa ya daɗe yana sha, domin allurar da ke karya ƙarfin dayazefam tana iya tayar da jijjiga ga wanda jikinsa ya saba, sai sun sani za su auna. Haka idan ya yi jijjiga, ko ya fara ganin abin da babu.

Ɗaya kuma ta shafi hantar kanta. Magungunan tarin fuka suna iya ji mata rauni. Jan fitsari na rifamfisin ba komai ba ne, amma idan farin idonsa ya yi rawaya, wato ciwon shawara, ba irin wadda kika nema a wurina ba, ko yana amai, ko abinci ya fita ransa gaba ɗaya, ko yana barci da rana yana ruɗewa da dare, ku je a ranar. Nan ne likita da kansa zai iya dakatar da maganin tarin, kuma nan ne ƙwaya huɗu ta fi zama haɗari, don injinan suna raguwa a hantar da ita ma ba ta da lafiya.

Daga yau ƙwayar barcin ta dawo hannunki, da yardarsa, ki riƙa ba shi ta dare kina rubutawa a bayan kalanda, kada a ƙara ko rabi a kan abin da yake sha har ku ga likita. Ki zagaye ranar gama maganin tarin da biro, ki ƙirga mako huɗu gaba ki zagaye wata. Tsakanin waɗannan zagaye biyun, babur ya huta, ɗinkin dare ya jira, kuma ki roƙi likita ya ba ku ranar dawowa a cikin kwana bakwai zuwa goma na farko, ko da takardar sallama ta ce an gama.